Yadda ake rubuta adadin da aka amince da shi a rahoton taro bayan zaman sasanta diyya da kamfanin inshora

Idan gobara ko ambaliya ta ci kayan ɗan kasuwa mai inshora, akan kai ga ranar da za a zauna a teburi ɗaya: mai kaya da akawunsa, dillalin inshorarsa, jami'in biyan diyya na kamfanin inshora, da mai tantance asara, wato ajasta. A yi ta ja-in-ja har a tsaya a kan wani adadi, a yi musabaha a watse. Rigimar da ke biyo baya galibi daga nan take farawa, domin "mun tsaya a miliyan hamsin" ba abu ɗaya take nufi ga kowa ba. Alhaji mai kaya ya ji miliyan hamsin za ta shigo asusunsa. Ajasta kuwa yana nufin asarar ce miliyan hamsin, kafin a fara zaftare-zaftare. Aikinka, kai da aka ba rubuta rahoton taro, shi ne ka nuna hanyar da aka bi daga kuɗin da aka nema zuwa kuɗin da zai shiga banki, layi bayan layi, yadda wanda bai halarci zaman ba zai ɗauki kalkuleta ya iso daidai inda kuka iso.

Zan bi da kai ta misali guda: ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a sari, wanda wuta ta ci sitonsa. Lambobin na koyarwa ne. Ko da kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, kake hulɗa, tsarin rubutun ɗaya ne.

Abin da za ka tanada

Na farko takardar inshorar kanta, wato folisi, gaba ɗayanta. Kada ka wadatu da shafin farko ko rasidin biyan kuɗi. Abin da kake buƙata yana cikin jadawalinta: adadin da aka yi wa kowane sashe inshora, kason da mai kaya zai ɗauka da kansa a kowace asara, wanda ake ce wa ekses, da duk wani sauyi da aka manna mata bayan an fitar da ita. Sau da yawa an ƙara ko an rage adadin a tsakiyar shekara, kuma takardar ƙarin tana wajen dillali, ba ta cikin fayil ɗinku.

Sai takardar neman diyya da kuka miƙa, da jerin kayan da aka lissafa a ciki. Sai wasiƙar tayin ajasta, in ya riga ya aiko. Sai shaidar duk wani kuɗi da kamfanin ya riga ya biya a matsayin somin-taɓi, da ranarsa. Ka ɗauki takardar halarta mai gurbin suna, muƙami, wanda mutum yake wakilta da sa hannu. Kalkuleta, biro biyu, da kwamfuta in akwai.

Abu mafi amfani kuma shi ne tebur da za ka zana tun daren jiya. Kowane sashe na asara da layinsa, ginshiƙai kuma su zama: abin da aka nema, abin da aka amince, ragi, abin da ya rage, matsayi. Ka cike ginshiƙin farko tun a gida. Wanda ya shiga zama da farar takarda zai ɓata lokacinsa wajen rubuta wa ya ce me, lambobin su wuce shi.

In kana son ɗaukar sauti da waya, ka nemi izini a fili kafin a fara, ka kuma rubuta a rahoton cewa an yarda. In an ƙi, kada ka ɗauka a ɓoye. Ka roƙi wani daga ɓangarenku ya riƙa rubuta lambobi shi ma, ku gwada bayan an tashi.

Mataki na 1: Kan rahoton

A sama ka sa sunan kamfanin mai kaya daidai yadda yake a folisi. In folisin da sunan kamfani aka yi ta, kada ka rubuta sunan Alhaji, ko da kowa a kasuwa da sunansa ya san shagon. Bambancin suna kaɗai yana iya tsayar da biya makonni. Sai lambar folisi, lambar neman diyya da kamfanin inshora ya bayar, ranar da asarar ta auku, wurin da ta auku, irin asarar, sannan rana da wuri da lokacin zaman. A misalinmu gobarar ta auku 3 ga Maris 2025, an zauna 14 ga Mayu 2025.

Ka faɗi kuɗin da ake magana da shi sau ɗaya a sama: duk adadin da ke cikin wannan rahoto naira ne. In akwai kayan da aka sayo da dala ko sefa, ka rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi da ranar da aka ɗauko shi. Canjin ranar sayen kaya, da na ranar gobara, da na ranar zama, uku ne daban, kuma bambancinsu yana iya kai miliyoyi.

Mataki na 2: Wa ya zo, kuma wa ke da ikon cewa "na yarda"

Jerin sunaye bai isa ba. Gaban kowane suna ka rubuta ikonsa. Ajasta kamfanin inshora ne ya ɗauko shi ya binciki asara ya ba da shawara. A mafi yawan lokuta ba shi ke da ikon ɗaure kamfanin da biya ba. Jami'in diyya da ya zo shi ma yana da iyakar kuɗin da zai iya sa wa hannu, abin da ya haura sai manyansa ko kwamiti. Saboda haka tun a farkon zama ka yi tambayar cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, abin da muka tsayar yau ya zama ke nan, ko sai an kai gaba?" Amsar da aka ba ka, ita za ka rubuta. In ya ce sai shugabanni sun amince, ka sa haka, ka sa ranar da za a ji daga gare su.

Haka ma ɓangarenku. In ɗan Alhaji ne ya zo ko manaja, a rubuta ko yana da izinin karɓar tayi. In kamfanonin inshora biyu ko uku ne suka raba nauyin folisin, ka rubuta kason kowanne da wanda ke jagoranta, ka kuma tambaya ko jagoran zai biya duka ya karɓa daga sauran, ko kowa zai turo nasa. Mutane da yawa sun ga kashi 60 cikin 100 ya shigo sun ɗauka an cuce su, alhali sauran yana hannun kamfani na biyu.

Mataki na 3: Lissafin kaya, inda duk aikin yake

A nan za ka daɗe, kuma ya cancanta.

Alhaji ya nemi ₦62,000,000 a kan atamfa da shadda da suka ƙone ko ruwan 'yan kwana-kwana ya lalata. Ajasta ya ce wannan farashin sayarwa ne, har da riba a ciki, folisi kuwa kuɗin saye take biya. Aka duba rasidai da littafin sito, aka tsaya a ₦50,000,000. Layinka na farko ke nan, kuma ka rubuta dalilin a jimla ɗaya: an sauko daga 62 zuwa 50 ne saboda an yi lissafi a kan farashin saye. Kada ka rubuta muhawarar. Babu mai buƙatar sanin wa ya ɗaga murya.

Layi na biyu, kayan da suka tsira. Akwai dilolin da hayaƙi ya taɓa ko gefensu ya jiƙe, ba za su sayu a matsayin sababbi ba amma suna da kuɗi. An yi musu ƙima ₦4,000,000. Abu biyu za ka rubuta a nan: adadin, da wanda zai riƙe kayan. In Alhaji ne zai riƙe su ya sayar, sai a cire miliyan huɗun daga asara, ta koma ₦46,000,000. In kamfanin inshora ne zai kwashe su, ba a cire komai, amma a rubuta ranar da za su zo su ɗauka da wanda zai biya kuɗin mota da na ajiya kafin nan. Rahoton da ya ce "ragowar kaya, miliyan huɗu" kawai, ya bar ƙofar a cire kuɗin kuma a zo neman kayan.

Layi na uku shi ne wanda ya fi ɓata wa 'yan kasuwa rai. Folisin ta rufe kayan sito a kan ₦80,000,000, amma da aka ƙirga abin da ke cikin siton a ranar gobara, wanda ya ƙone da wanda bai ƙone ba, ya kai ₦100,000,000. Kuɗin inshorar da aka biya na kayan miliyan tamanin ne, don haka sharaɗin da ake kira abarej yana cewa kamfanin zai ɗauki kashi 80 cikin 100 na asarar, mai kaya ya ɗauki sauran. Kamar buhu biyar ne ka biya wa huɗu kuɗin gadi: kowace asara ta zo, kaso ɗaya cikin biyar naka ne. Kashi 80 cikin 100 na ₦46,000,000 shi ne ₦36,800,000.

Kada ka rubuta sakamakon shi kaɗai. Ka rubuta lambobin biyu da suka haife shi, 80,000,000 da 100,000,000, ka kuma nuna cewa ɓangarorin biyu sun amince da ta biyun. Darajar kayan da ke sito a ranar asara adadi ne da ake amincewa da shi kamar kowane, kuma mutane kan manta su tsayar da shi saboda hankalinsu na kan abin da ya ƙone. In ka bar shi a buɗe, aka dawo daga baya aka ce ai kayan siton sun kai miliyan 115, diyyar za ta sauko zuwa ₦32,000,000 ba tare da an taɓa "miliyan hamsin" ɗin da aka yi musabaha a kai ba.

Yanzu ga abin da ke sa a bi layi-layi. Gwada juya tsarin: a fara da abarej a kan miliyan 50, a samu ₦40,000,000, sannan a cire miliyan huɗun ragowar kaya, a samu ₦36,000,000. Lambobi iri ɗaya, babu wanda ya yi ƙarya, amma ₦800,000 ta ɓace saboda an sauya abin da ya riga wani. Yadda aka saba shi ne a cire ragowar kaya tukuna, a yi abarej, ekses ya zo a ƙarshe, amma kalmomin folisinku su ne alƙali. Kai dai ka tambaya a teburin, "Wanne ake fara cirewa?" ka rubuta amsar da lamba ɗaya, biyu, uku.

In da kwamfuta kake aiki, buɗe Excel ka sa asarar da aka amince a B2, ragowar kaya a B3, adadin inshora a B4, darajar kayan sito a B5:

```
=ROUND((B2-B3)*MIN(1,B4/B5),2)
```

Wannan yana hana lissafin ya ba da fiye da asarar idan adadin inshora ya fi darajar kaya. In babu kwamfuta, ka buga a kalkuleta sau biyu, akawun ɗaya ɓangaren ma ya buga nasa, ku nuna wa juna fuskar kalkuletar.

Mataki na 4: Sauran sassa

Kantoci, janareta da kayan ofis: an nemi ₦9,000,000, kuɗin sababbi. Folisin ba ta sabo-a-madadin-tsoho ba ce, don haka an cire kashi 30 cikin 100 na tsufa, ₦2,700,000, saura ₦6,300,000. Ka rubuta kason da adadinsa duka biyu. Ka ƙara da cewa abarej bai shafi wannan sashe ba domin adadin inshorarsa ya wadatar. Rubuta "bai shafa ba" ya fi barin gurbi fayau, don gurbi fayau wani zai iya cike shi.

Kwashe toka da tarkace: an kashe ₦1,200,000, amma folisi ta yi wa wannan iyaka a ₦750,000. Abin da za a biya ₦750,000.

Ka tambaya ko kuɗin gyara da na sababbin kaya sun haɗa da harajin kayan masarufi, wato VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 a Najeriya tun Fabrairun 2020. A sa jimla ɗaya: adadin ya haɗa da harajin, ko bai haɗa ba.

Mataki na 5: Haɗa jimla da cire abin da ya rage

Ga yadda ƙasan teburin zai kasance:

| Bayani | Adadi (₦) |
|---|---|
| Kayan sito, bayan ragowar kaya da abarej | 36,800,000 |
| Kantoci, janareta, kayan ofis | 6,300,000 |
| Kwashe tarkace | 750,000 |
| Jimla | 43,850,000 |
| A cire ekses | 1,000,000 |
| Diyyar da aka amince | 42,850,000 |
| A cire abin da aka biya 9 ga Afrilu 2025 | 10,000,000 |
| Saura da za a biya | 32,850,000 |

A kan ekses, ka rubuta cewa sau ɗaya aka cire shi a kan gobarar gaba ɗaya. Wasu folisin suna cire shi a kowane sashe, wasu kuma kaso ne cikin ɗari mai mafi ƙarancin adadi. In kaso ne, ka faɗi kason mene ne: na asarar kafin abarej, ko na bayansa.

Layukan ƙarshe biyu masu muhimmanci, diyyar da aka amince da saura da za a biya, ka rubuta su da lamba da kuma kalmomi: ₦32,850,000, naira miliyan talatin da biyu da dubu ɗari takwas da hamsin. Kada ka taƙaita zuwa "miliyan 32.8" ko "kusan miliyan 33". Na farkon ya jefar da dubu hamsin, na biyun ba adadi ba ne. Ka sa waƙafi tsakanin kowace lamba uku, domin ido ba ya bambance 3285000 da 32850000 idan an gaji.

Akwai ragi guda da yakan ɓullo daga baya. Bayan an biya diyya, adadin inshorar yakan ragu da gwargwadon abin da aka biya, kuma mayar da shi yadda yake yana buƙatar ƙarin kuɗi. Wasu kamfanonin sukan cire wannan daga diyyar. Ka tambaya kafin a tashi: "Bayan waɗannan, akwai wani abin da za a sake cirewa?" In an ce babu, ka rubuta babu. In akwai, ya shiga tebur da adadinsa.

Mataki na 6: Ba kowane adadi matsayinsa

Ba duk lambar da aka furta a zama ce aka amince da ita ba. Ni matsayi uku nake amfani da su, kuma ba na barin layi ko ɗaya babu nasa: an amince, an amince bisa sharaɗi, ba a amince ba.

Na biyun ka faɗi sharaɗin, da wanda zai cika shi, da ranar. Misali: an amince da ₦6,300,000 bisa sharaɗin mai kaya ya kawo rasidin janareta kafin 28 ga Mayu 2025, in bai kawo ba, za a sake duba kuɗin janaretan kaɗai. Wannan "kaɗai" ɗin yana hana a buɗe sashen duka.

Na ukun shi ne inda masu koyo suka fi kuskure, don suna ganin abin da ba a daidaita ba bai kamata ya shiga rahoto ba. Ya kamata, har ma ya fi sauran buƙata. A misalinmu folisin tana da sashen asarar ciniki na watannin da sito yake rufe. Alhaji ya nemi ₦12,000,000, kamfanin ya ce sai ya ga littattafan da mai binciken kuɗi ya duba. Rubuta haka: mai kaya ya nemi ₦12,000,000, kamfanin bai yi tayi ba, ba a amince da komai ba, wannan sashe yana nan a buɗe, kuma biyan ₦32,850,000 bai rufe shi ba. Kada ka sa miliyan goma sha biyun a cikin teburin jimla, ka ba shi wurinsa daban a ƙasa.

Ka kula da fi'ilan da kake amfani da su. "Ya ba da shawara", "ya yi tayi", "ya ji" da "ya amince" ba ɗaya ba ne. Dattijo yakan ce "to, Allah ya sa haka ya fi alheri" alhali bai gamsu ba, yana nufin zai je ya yi tunani. Ɓangaren inshora su ɗauka ya karɓa. In ka ji irin wannan, ka duƙa ka tambaye shi: "Alhaji, in rubuta ka amince, ko in rubuta za ka ba da amsa gobe?"

A wani zaman kamfanin kan ce tattaunawar ba ta ɗaure kowa ba, kuma ba ta nufin ya ɗauki alhakin biya. In an faɗi haka, ko an buga shi a kan wasiƙar gayyata, dole ya fito a rahoton, domin adadin da aka amince a kansa daban ne da amincewa za a biya shi. Ka raba su gida biyu: shin kamfanin ya karɓi alhakin asarar? Sannan nawa ne? In kamfanin ya ce wani ɓangare na kuɗin kyautatawa ce ba haƙƙin folisi ba, shi ma a ware shi da sunansa.

Mataki na 7: Wa za a biya, yaushe, ta wace hanya

Sunan asusu, banki da lambar asusu su fito daga wasiƙar kamfanin mai kaya mai sa hannun shugabansa, ba daga bakin wani a teburi ba. In da bashin banki aka sayo kayan kuma an rubuta sunan bankin a folisi, wataƙila kuɗin ta bankin za su bi, ko sai bankin ya ba da wasiƙar amincewa. A tsayar da wannan yau, a rubuta nawa ne na banki, nawa ne na mai kaya.

Lokacin biya kuma, "nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce. A rubuta kwana nawa, na aiki ko na kalanda, kuma daga yaushe ake ƙirgawa: daga ranar zama, ko daga ranar da aka mayar da baucar sallama, wato takardar da mai kaya ke sallamar kamfanin da ita, da sa hannu.

Mataki na 8: Karanta musu kafin kowa ya tashi

Kada ka bari a fara haɗa jakunkuna. Ka ce, "A gafarce ni, minti biyar, in karanto lambobin." Ka karanta teburin daga sama har ƙasa da murya, kowane adadi da matsayinsa. Rahotannin irin wannan zama a Najeriya galibi da Turanci ake rubuta su. In mai kaya ya fi sakewa da Hausa, a fassara masa layi-layi, a rubuta sunan wanda ya fassara da cewa ya ce ya fahimta.

Sannan wakili ɗaya daga kowane ɓangare ya sa hannu a kan teburin da ka cike da biro, ko da akwai goge-goge. Duk inda aka soke lamba, a ja mata layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, a rubuta sabuwar a gefe, mutum biyu su sa gajeren hannu. Kada a shafe da farin ruwa. Kowa ya ɗauki hoton takardar da wayarsa. In wakilin kamfanin ya ce ba shi da izinin sa hannu, kada ka yi gardama; ka rubuta cewa an karanta a gabansa bai yi gyara ba, ka tura masa hoton nan take ta imel.

In ta waya ko bidiyo aka yi zaman, ka nuna teburin a allo ko ka tura hotonsa, ka nemi kowa ya amsa a rubuce kafin a kashe.

Mataki na 9: Bugawa da turawa

Ka buga shi a ranar ko washegari. Shafi biyu ko uku sun isa. Teburin da aka sa wa hannu ka liƙa shi a baya a matsayin rataye, kuma lambobin da ka buga su zama su ne nasa, babu gyaran fuska. In wajen bugawa ka gano an yi kuskuren tarawa a zaman, kada ka gyara shiru, ko da gyaran ribar ɓangarenku ne. Ka bar adadin yadda aka sa masa hannu, ka ƙara bayani a ƙasa cewa tarawar ta ba da kaza, ana neman tabbacin ɓangarorin biyu.

Ka ba wanda bai je zaman ba ya bi lissafin da kalkuleta. In ya tsaya ya tambaye ka "wannan daga ina ta fito?", akwai layin da ka tsallake.

Ka tura shi a PDF ta imel ga duk mahalarta lokaci ɗaya, har da dillali, da lambar neman diyya a kan saƙon. WhatsApp yana da amfani wajen tunatarwa, amma kada ya zama shi ne kaɗai shaidarka. Ka ba da wa'adin gyara, misali kwana uku na aiki, kuma ka bi sawu har ka samu amsar "mun tabbatar" a rubuce. Jimlar nan ta "in ba mu ji daga gare ku ba mun ɗauka kun yarda" tana da ɗan amfani, amma ban taɓa jingina da ita ba a kan kuɗi mai yawa. Inda imel ba ya aiki, ka kai kwafi biyu ofishinsu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ka dawo da shi.

In ɗaya ɓangaren ya aiko da nasa rahoton da lambobi daban, kada a bar rahoto biyu suna yawo. Ka amsa da nuna layin da aka saɓa, ka haɗa hoton teburin mai sa hannu, a fitar da guda ɗaya. Duk sauyin da aka yi bayan an sa hannu, a yi shi a takardar ƙari mai kwanan wata, ba a taɓa ta asali.

Mataki na 10: Gwada shi da baucar sallama

Bayan 'yan kwanaki kamfanin zai aiko da baucar sallama, takardar da mai kaya ke sa wa hannu cewa ya karɓi kuɗi ya sallami kamfanin. Kafin Alhaji ya ɗauki biro, ka ajiye ta gefe da gefe da rahotonka. Adadin ya zama ₦42,850,000 da aka nuna an cire ₦10,000,000, ko ₦32,850,000 a matsayin saura. In ka ga ₦32,850,000 sannan an sake cire miliyan goma, an cire somin-taɓi sau biyu. Ka duba sunan wanda za a biya da lambar folisi.

Sannan ka karanta jimlar sallamar da kyau. Yawancin baucocin bugaggu ne tun asali, kuma suna cewa wannan biya shi ne cikakke kuma na ƙarshe a kan duk abin da ya shafi asarar. In aka sa hannu a haka, batun ₦12,000,000 na asarar ciniki yana iya mutuwa. Ka mayar da ita ta hannun dillali, ka nuna sakin layin rahoton da ya bar sashen a buɗe, a gyara ta ta ce sallamar ta shafi kaya, kayan aiki da kwashe tarkace kawai. In kamfanin ya ƙi gyarawa, a nuna wa lauya kafin a sa hannu.

In ranar biya ta wuce shiru, ka rubuta wa kamfanin tunatarwa ka ambaci sakin layin da ke ɗauke da ranar. In hakan bai yi ba, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, tana karɓar ƙorafin masu inshora. Abin da za ka haɗa mata shi ne folisi, rahoton taro da teburinsa mai sa hannu, saƙon tabbatarwar kamfanin, da kwafin baucar da aka mayar musu da ranar da suka karɓa.